Jakar da ta ƙare, da sanarwar da ta sa aka jira ta kwana 27

Ƙanwata tana sayar da jakunkunan baya ta intanet. Ba ita ke ɗinkawa ba, wani ƙaramin gidan ɗinki take ba oda, su ɗinka mata yadda ta zana, ita kuma ta duba, ta ɗauki hoto, ta sayar a shafinta na Instagram da kuma WhatsApp. Kala uku take yi: baƙa, ruwan ƙasa, da wata koriya mai duhu da ta gwada a karon farko. Guda 60 ta yi na koriyar, da tunanin za su kai ta wata biyu. A kwana tara suka ƙare. Ta ƙarshe ta tafi ranar Lahadi da daddare.

Daga Litinin zuwa Alhamis, saƙo 43 ne suka shigo suna neman koriyar, kuma amsa ɗaya kowa ya samu: "Ayya, ta ƙare." Wasu suka ce to, wasu ko amsa ba su bayar ba. Babu lambar mutum ɗaya da ta ajiye, babu wanda ta ce wa ya dawo ranar kaza. Mutum 43 sun zo har bakin ƙofa da kuɗinsu a hannu, an sallame su ba tare da an ba su abin riƙewa ba. Ranar Alhamis ɗin, 2 ga wata, ta ba gidan ɗinkin odar guda 100, sannan ta turo mini abin da take shirin wallafawa don in duba mata. Hoton jakar ne da aka shafe shi da manyan haruffa ja, SOLD OUT, a ƙasa kuma ta rubuta: "Mun gode da ƙauna! Za ta dawo nan ba da jimawa ba. Ku kasance tare da mu."

Na kira ta na ce, "Nan ba da jimawa ba ɗin nan, yaushe ke nan?"

Ta ce, "Yaya, ai sun ce kwana 12. In sa sati biyu?"

A nan aikin ya fara, kuma yawancinsa ba rubutu ba ne, lissafi ne.

Me ya sa sai da rana

Kaya ya ƙare labari ne mai fuska biyu. Fuska ɗaya tana cewa mutane sun so abin har suka wawushe shi, ɗayar tana cewa ba za ka samu ba, je ka nemi wani. Akwai wani sanannen gwaji na 1975 da Worchel da Lee da Adewole suka yi: an ba mutane biskit iri ɗaya daga kwalba mai guda goma ko mai guda biyu, sai na kwalba mai biyu ya fi daraja a idonsu, kuma darajar ta fi hawa a inda aka ce musu ya ragu ne saboda wasu sun nema. To amma a gwajin nan biskit ɗin yana gabansu. Mai neman jakar ƙanwata babu komai a gabansa. Sha'awarsa ta tashi, amma ba ta da inda za ta sauka, don haka cikin minti biyu yatsansa ya kai shi shafin wani mai jaka.

Rana ita ce ke ba sha'awar nan wurin zama. David Maister, wani masanin harkokin kasuwanci, a rubutunsa na 1985 kan halin mutane a layin jira, ya ce jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya a kan wanda aka san iyakarsa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jira ya san haka ba sai an karanta masa ba. In aka ce maka "yanzun nan", kowane minti goma sai ka ji an yaudare ka. In aka ce maka "ƙarfe uku", sai ka tashi ka yi wani abu ka dawo. Mai saye ma haka yake. Da rana a hannunsa zai iya yanke shawara: zan iya jira, ko tafiyata ta riga ranar, bari in sayi wata. Dukkan amsoshin biyu sun fi shiru amfani ga mai sayarwa, domin wanda ya zaɓi jira ya riga ya sayi jakar a zuciyarsa.

Sai dai duk ƙarfin nan yana rataye ne a kan abu ɗaya, wato ranar ta tabbata. "Nan ba da jimawa ba" ba ya jawo kowa, amma ba ya kama ka da laifi. "Alhamis, 30 ga wata" yana jawo mutane, kuma yana kama ka. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka maƙala a saman shafi inda kowa zai iya ɗaukar hotonta.

Yadda kwana 12 ya zama 28

Kuskuren da ƙanwata ta kusa yi shi ne wanda kusan kowa ke yi: ɗaukar ranar da mai ɗinki ya faɗa a miƙa wa kwastoma kai tsaye. Mai ɗinki bai yi ƙarya ba da ya ce kwana 12. Amma kwana 12 na ɗinki yake nufi, daga ranar da kayan aiki suka cika a gabansa zuwa ranar da ya yanke zaren ƙarshe. Kwastoma kuwa yana nufin ranar da zai biya a aiko masa. Tsakanin waɗannan biyun akwai kwanaki da ba wanda ya ƙirga.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na fara tambayarta ko yadi da zif suna ƙasa. Yadin yana nan, amma zif mai kalar da ta dace da koriyar sai an aiko, kwana uku. Ke nan ɗinki ba zai fara ba sai 5 ga wata. Sai na ce ta buɗe tsofaffin saƙonninta da gidan ɗinkin ta duba odar da ta wuce: yaushe suka ce, yaushe suka gama? Sun ce kwana 12, sun gama a 16. Wannan lamba ta 16 ta fi duk wani alƙawari daraja, don ita ce abin da ya faru. Muka sa 16, ya kai mu 21 ga wata. Jigila daga wurinsu zuwa wurinta tana cin kwana biyu zuwa huɗu, muka ɗauki huɗu, 25 ga wata ke nan.

Sai dubawa, wadda ita ta manta da ita gaba ɗaya. Kowace jaka sai an zuge zif ɗinta sau uku ko huɗu, a ja madaurin kafaɗa da ƙarfi, a leƙa ɗinkin ciki, a yanke zaren da ya yi saura, a sa a leda. Minti biyar ke nan in hannu ya saba. Jaka 100 minti 500, sama da awa takwas, ga mutum ɗaya da ke amsa saƙonni a lokaci guda. Kwana biyu. Mun kai 27. A kan wannan muka ƙara kwana uku na ko-ta-kwana, ba don wani abu da muka hango ba, sai don abin da ba mu hango ba. Alhamis, 30 ga wata.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, sati huɗu fa! Wa zai jira sati huɗu? Kafin nan sun manta da ni."

Tana da gaskiya ta wani gefen, kuma ban ɓoye mata ba. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma kowane sati da aka ƙara yana zubar da wasu masu jira. Amma mu auna asarar biyu. In ta ce 30 ga wata, wasu za su ga ya yi nisa su tafi, ba tare da fushi ba, kuma suna iya dawowa wata rana. In ta ce 16 ga wata, mutane da yawa za su jira, su zo ranar 16 su tarar babu komai. Waɗannan ba tafiya kawai za su yi ba, za su tafi da labari, wasu ma su rubuta shi a ƙarƙashin sanarwar don na baya su gani. Kuma duk ranar da ta sake sawa bayan nan, ta zama abin dariya. Idan kuwa kaya suka iso da wuri, babu wanda ya taɓa yin fushi don an ce masa abin da yake jira ya riga lokaci.

Mun kuma rage adadin da za a faɗa. Oda 100 ce, amma a odar baya guda shida suka fito da matsala cikin 66, shi ya sa 60 suka hau shafi. Muka ce 90 za mu sanar.

Sanarwar

Ranar Juma'a, 3 ga wata, ta fita. Mun cire jan rubutun da ya rufe jakar, domin hoton da ake so mutum ya ci gaba da sha'awa ba a shafe shi. Aka sa jakar a bayan mutum, a fili, da ɗan rubutu ƙarami a kusurwa: "Za ta dawo Alhamis, 30 ga wata". A ƙasa kuma:

"Koriyar jaka ta ƙare. Guda 60 muka yi, sun tafi a kwana tara. Mun ba da odar wasu, za su hau shafi ranar Alhamis, 30 ga wata, da ƙarfe 10 na safe, in sha Allah. Guda 90 ne. Wanda yake so mu tuna masa, ya turo kalmar KORIYA ta WhatsApp, lambar tana saman shafi. Masu suna a jerin za su samu damar saye tun ƙarfe 8, awa biyu kafin kowa. Ba a biyan komai yanzu."

Kowace jimla a ciki da aikinta, amma uku ne suka fi cin muhawara tsakaninmu.

Ta farko ita ce "guda 60 a kwana tara". Ƙanwata ta so ta rubuta cewa jakar ta ƙare cikin ƙiftawar ido, mutane sun yi mata caa. Na ce ta bar lambar ta yi magana. Kowa yana cewa kayansa sun yi farin jini, don haka kunne ya daina jin irin wannan. Sittin a kwana tara kuwa abu ne da mai karatu zai lissafa da kansa: kusan bakwai a rana, to 90 ba za su wuce sati biyu ba, ƙila ma ƙasa da haka tunda yanzu ga masu jira. Shi ya kai kansa ga ƙarshen, ba wanda ya tura shi. Sharaɗin dai lambar ta zama gaskiya. Akwai masu ɓoye kaya a ɗaki su ce sun ƙare, ko su ce saura uku alhali saura ɗari. Ban da cewa kwastomomi suna ganewa a zagaye na biyu ko na uku, a wasu wuraren laifi ne a doka. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan ha'inci a kasuwanci, misali, ta haramta faɗin ƙarya cewa kaya na ɗan taƙaitaccen lokaci ne don a ingiza mutum ya saya a gaggauce.

Ta biyu ita ce sa'a. Rana ba tare da ƙarfe ba tana haifar da saƙonni tun tsakar dare: "An sa? Ban gani ba." Ƙarfe 10 yana tara mutane a lokaci guda, kuma yana ba mai sayarwa safiya ta shirya. Wanda kwastomominsa ke ƙasashe masu bambancin agogo sai ya faɗi agogon da yake nufi. An kuma rubuta sunan ranar da lambarta tare, Alhamis da 30, don wani da ranar mako yake tunawa, wani da kwanan wata.

Ta uku ita ce "ba a biyan komai yanzu". Wannan ta fi yi mata zafi, domin mutane da dama sun riga sun ce za su biya su jira, ita kuma tana bukatar kuɗin da za ta cika wa masu ɗinki. Karɓar kuɗi kafin kaya ba haramun ba ne, manyan kamfanoni ma suna yi. Amma yana canza dangantakar. Wanda ya ba da suna mai jira ne, wanda ya ba da kuɗi mai bin bashi ne. In rana ta goce, na farko zai ce ayya, na biyu zai ce a dawo mini da kuɗina, kuma yana da haƙƙi. A Amurka, ƙa'idar FTC, hukumar da ke sa ido kan kasuwanci, game da odar waya da intanet ta wajabta wa mai sayarwa ya aika kaya a lokacin da ya faɗa, ko cikin kwana 30 in bai faɗi lokaci ba, in kuma ba zai iya ba ya nemi yardar mai saye ko ya mayar da kuɗi. Ko a inda babu irin wannan a rubuce, haka mai saye yake ji a ransa. Tunda wannan ne karo na biyu kacal da gidan ɗinkin ke yin koriyar, kuma zif ɗin daga sabon hannu yake, muka ga kada a ɗauki bashin mutane a kan abin da ba mu riga mun gani da ido ba.

Aka maƙala sanarwar a saman shafi, inda Instagram ke ba da damar maƙala har guda uku, domin Story da status awa 24 kawai suke yi, mai zuwa a rana ta goma kuwa dole ya tarar da ranar ba tare da ya tambaya ba. Tsohon hoton jakar ma ba a goge shi ba, an dai gyara layin farko na bayaninsa ya faɗi ranar dawowa. Sannan ta koma wa mutum 43 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ta tura musu. A wannan amsar ta sirri ce kawai aka ambaci baƙar jaka, cewa tana nan ga wanda ba zai iya jira ba. Ba mu sa ta a sanarwar ba, don kada a raba hankalin mai karatu gida biyu. Mutum 11 suka sayi baƙar a cikin watan ta wannan hanya.

Cikin kwana biyu suna 96 suka shiga jerin. Daga nan ya koma ɗigo-ɗigo, uku yau, biyar gobe.

Tsakiyar jira

Sati huɗu yana da tsawo, kuma jarabar da ke ciki ita ce a riƙa ihu kullum: saura 25, saura 24. Wannan yana gajiyar da mutane kafin rabin hanya. Sau ɗaya kawai aka yi magana a tsakiya, ranar 14 ga wata, da hoton da masu ɗinki suka turo na yadin da aka yanka an jera a kan tebur, tare da layi ɗaya: ana kan aiki, ranar tana nan yadda take. Gani ya kori ji. Hoton ya nuna cewa akwai jakunkuna a hanya, ba buri ba ne. Ranar suna 31 suka ƙaru.

Kayan suka iso Lahadi, 26 ga wata, kwana ɗaya bayan lissafinmu. Da mun sa 16 ga wata, da yau kwana goma ke nan tana ba da haƙuri. Ta fara dubawa ranar Litinin, kuma kafin azahar ta kira ni murya na rawa. Zif ɗin babban aljihu yana cijewa a kwana, a inda ya lanƙwasa, a wasu jakunkunan. Sai an zuge da sauri ake ganewa, a hankali lafiya lau yake tafiya. Zuwa yammacin Talata ta gama: 17 sun faɗi, 83 sun tsallake. Mun ce 90.

Hanyoyi uku ne a gabanta. Ta zaɓi bakwai mafi dama-dama cikin 17 ɗin ta cika 90, ta ɗaga ranar har a gyara, ko ta bar ranar ta rage adadin. Ta farko ita ce mafi sauƙi a daren, kuma mafi tsada bayan wata guda, lokacin da zif zai tsage a hannun wanda ya jira sati huɗu. Ta biyu tana karya abu ɗaya da aka gina komai a kansa. Mutane ba 90 suka rubuta a kalandarsu ba, 30 ga wata suka rubuta. Ta ɗauki ta uku, kuma ta faɗa a daren Talatar, ba ta bari sai ranar ba:

"Jakunkuna sun iso. Mun duba guda 100, 17 zif ɗinsu bai yi mana ba, mun mayar a gyara. Don haka 83 ne za su hau shafi, ba 90 ba. Rana da lokaci ba su canza ba: Alhamis, ƙarfe 10, masu suna a jeri ƙarfe 8."

Ta ji tsoron za a ce kayanta ba su da inganci. Abin da ya biyo baya akasin haka ne. Wannan gajeriyar sanarwa ta fi ta farko samun amsa, kuma jerin ya tashi daga 170 zuwa 212 kafin daren Laraba. A ganina dalili biyu ne suka haɗu: ta nuna cewa akwai mai zuge kowane zif kafin a aiko, kuma ta nuna cewa lambobin da ake faɗa na gaske ne, tunda ga shi an gyara ɗaya ƙasa ba tare da an tambaya ba. Da matsalar ta fi haka girma har rana ta goce, ƙa'idar ɗaya ce: a faɗa da zarar an sani, a faɗi dalili a jimla ɗaya, a ba da sabuwar rana da aka lissafa kamar ta farko. Sau ɗaya ake yafe wannan. A karo na biyu gara a cire rana gaba ɗaya sai kaya sun shigo hannu.

Ranar Laraba aka sa alamar Countdown a Story, wadda mai kallo ke iya taɓawa don a tuna masa idan lokaci ya cika.

Safiyar Alhamis, da kuskuren da ni na yi

Ni na ba ta shawarar ta zuba sunayen a jerin broadcast na WhatsApp, tunda yana ɗaukar har mutum 256, mu kuma 212 ne. Abin da na sani amma ban tuna ba shi ne, saƙon broadcast yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambar mai turawa a wayarsa. Yawancin mutanen nan sun taɓa lambar ne daga saman shafi suka turo KORIYA, ba su ajiye ba. Sanarwarmu kuma ba ta ce su ajiye ba.

Ƙarfe 8 daidai ta tura. Oda suka fara shigowa, amma ba kamar yadda 212 za su kawo ba. Da 8:20 ta buɗe bayanin saƙon ta ga kusan mutum 70 kawai ya isa gare su. Sauran kusan 140 suna can suna jiran saƙon da aka yi musu alƙawari, lokacinsu na awa biyu yana ƙonewa. Ga alamar da ya kamata a duba tun farko: in jeri ya yi tsit fiye da kima a minti goma na farko, ba sha'awa ce ta mutu ba, a fara duba ko saƙon ya isa. Da mun tura saƙon gwaji ranar Laraba, da mun gani tun a lokacin.

Ta koma tura wa mutane ɗaya bayan ɗaya, ta cikin hirar da kowa ya buɗe da kansa, ba ta gama ba sai wajen 9:40. Wanda ya samu nasa a lokacin minti 20 kawai ya rage masa maimakon awa biyu. Don a cika alƙawarin, ta ware guda 30 ta riƙe wa masu suna a jeri har ƙarfe 12, ta kuma faɗa a sanarwar ƙarfe 10 cewa ta yi hakan da dalilinsa. Mutum biyu sun yi ƙorafi, ɗaya da zafi. Ta ba shi haƙuri ba tare da kare kai ba.

Zuwa dare an sayar da 58, kuma 49 daga ciki masu suna a jerin ne. Sauran 25 suka ƙare zuwa Lahadi. Wato abin da ya ci kwana tara a karon farko, fiye da shi ya tafi a kwana huɗu.

Lambar da na fi so ta riƙe ita ce 49 cikin 212, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. A daren Laraba, da ta ga 212, sai da ta ce, "Yaya, da na sani da 200 na yi oda." Ba da suna kyauta ne, shi ya sa yake da sauƙi. Wani ya sayi wata jaka a sati na biyu, wani kuɗin ya tafi wani wuri, wani dama kallo yake. Jerin yana nuna zafin sha'awa, ba adadin oda ba. Da ta ɗinka 200 a kan ƙarfinsa, da tana zaune da sama da ɗari a ɗaki, kuɗinta a kulle, kuma da labarin "ta ƙare" ya mutu. Wannan kaso na jakarta ne da kwastomominta, wani kayan zai ba da nasa daban, amma yanzu tana da ma'auni nata na kanta da za ta gwada zagaye na gaba da shi.

Akwai kuma lissafin da ya nuna mana cewa wannan ba abin sau ɗaya ba ne. In ana sayar da bakwai a rana, kuma sabon kaya yana cin kwana 28 kafin ya hau shafi, to don kada ta taɓa yankewa sai ta ba da oda tun tana da kusan 196 a ƙasa. Ba ta da jarin riƙe wannan, kuma ba za ta samu ba nan kusa. Ke nan koriyar za ta sake ƙarewa, kuma sanarwar ranar dawowa ta zama wani ɓangare na aikin, kamar ɗaukar hoto. Abin da za ta iya shi ne rage tazarar. Ta ba da oda ta uku tun ranar Talatar da ta gama dubawa, kafin ma ta sayar da ko ɗaya daga cikin 83 ɗin, ta kuma sayi zif na zagaye biyu a lokaci guda daga wani hannun daban, wanda ya cire kwana uku daga lissafi. Guda 17 da aka gyara za su biyo odar.

Da ta ƙarshe ta tafi ranar Lahadi, sanarwar tana rubuce tun Juma'a, da rana da ƙarfe da adadi, ta hau shafi cikin minti goma. Layi ɗaya aka ƙara a ƙarshenta: "Ku ajiye lambarmu a wayarku kafin ku turo KORIYA, in ba haka ba saƙonmu ba zai iso muku ba."